Ƙurajen aski a gemu da ƙeya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan samu a wurin aiki, ko a majalisa bayan sallar isha'i, daga samari da magidanta a nan Kaduna. Galibi mutum yakan jira sai jama'a sun watse, sannan ya ɗaga hula ya juyo mini ƙeyarsa, ko ya ɗaga haɓa ya ce, "Malam, dubi wannan abu." Na tattara su wuri guda, na amsa kowace gwargwadon nauyinta.

Mene ne ainihin abin da ke kawo ƙurajen nan? Dattin kilifa ne?

Yawancin lokaci ba datti ba ne. Gashinka ne da kansa yake soke ka.

Gashin mafi yawanmu murɗaɗɗe ne, kuma murɗewar tun daga cikin fata take farawa, domin ramin da gashin ke fitowa daga ciki shi ma a lanƙwashe yake. Idan reza ko aska ta yanke gashin daf da fata, bakinsa yakan zama mai tsini kamar an fere tsinke. Yana girma yana lanƙwasowa, cikin 'yan kwanaki sai tsinin ya dawo ya caki fata a gefen ramin, ya nutse. Idan kuma askin ya yi ƙasa sosai har bakin gashin ya koma ƙarƙashin fata, ba ma zai fito waje ba, sai ya huda bangon ramin daga ciki ya bi gefe.

Jiki bai san cewa gashin nasa ne ba. Yana ɗaukarsa kamar ƙaya ko sartse, sai ya tara kumburi a kewaye da shi. Wannan kumburin shi ne ƙurjin da kake gani, mai ƙaiƙayi, wani lokaci da ɗan farin ruwa a kansa. Ka samu madubi da haske mai kyau ka duba da kyau, a kan wasu ƙurajen za ka ga gashin ya yi ɗan baka, kai da gindi duk a cikin fata. Shi ya sa mutum zai sayi sabuwar reza dal a leda, ya yi aski a ɗakinsa, bayan kwana biyu ko uku ƙurajen su fito masa.

Dattin kayan aski yana da nasa laifin, zan zo kansa. Amma wanda ya ɗora komai a kan datti zai yi ta sauya shagon aski daga Kawo zuwa Barnawa, ƙurajen suna nan.

Ni da abokina mai aski ɗaya ke mana aski, shi ba ya samun komai. Me ya sa?

Murɗewar gashi da kaurinsa sun bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma gado ne. Duba wuyan mahaifinka ko yayyenka. Akwai kuma inda gashi ke kwantawa a hargitse, wannan ya nufi hagu wancan ya nufi dama, musamman ƙarƙashin haɓa da gefen maƙogwaro. Nan ne ƙurajen suka fi taruwa. Gashin baki kuwa da wuya ka ga ya yi.

Ina da gemu, ba na aske shi, amma ƙurajen suna fito mini a wuya da kumatu.

Wannan shi ne ya fi yawa a garin nan, saboda masu barin gemu suna da yawa. Gemun lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana wurin gyaran fuska. Bayan an gama aski, mai aski yakan ɗauko reza ya ja fata da yatsu biyu, ya fitar da layin saje da na kumatu, ya kankare ƙasan gemu har wuya ya yi sumul. Jan fatar nan yana turo gashi waje, a yanke shi, da an saki fata sai ya koma ciki, ƙasa da bakin raminsa. Ka lura da inda ƙurajenka suke, za ka ga sun bi layin da reza ta bi kamar an zana.

Ka ce masa ya yi layin da kilifa, kada ya bi da reza. Layin ba zai fito tsaf kamar na ango ba, na sani. Wasu masu askin ma za su ce maka, "Yallaɓai, ai aikin bai kammala ba." Ka ce masa haka kake so.

Ƙurajen ƙeya da na gemu abu ɗaya ne?

Dangin juna ne, amma halinsu ba ɗaya ba, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya ya natsu.

Na gemu suna da sauƙin kai. Ka daina kankare wurin, gashi ya yi tsawo ya zare kansa, ƙurji ya kwanta, sai baƙin tabo da ke dusashewa a hankali cikin watanni.

Na ƙeya kuwa kumburin yana cin ramin gashin ne. Suna farawa ƙanana, masu tauri kamar ƙwayar gero, a layin ƙarshen gashi da ɗan samansa, da ƙaiƙayi mai sa mutum susa ko a cikin sahu yake. Idan aka ci gaba da bi ta kansu da kilifa mai cizo, ana sosawa, wuyan riga yana goga, ramin gashin yakan fashe a cikin fata. Guntayen gashi su zube cikin nama, jiki ya yi ta yaƙi da su, ya gina tabo mai tauri a kai. Ƙurajen sai su haɗe su zama tudu guda mai sheƙi, irin tabon da likitoci ke kwatantawa da kiloyid, wato tabo mai tudu da ke girma ya wuce inda rauni ya tsaya. A kan tudun gashi ba ya fitowa, a gefensa kuma za ka ga gashi da yawa sun fito ta rami ɗaya kamar bakin buroshi. Wani yakan riƙa tsattsafo da mugunya mai wari, ya ɓata matashin kai.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ramin gashin da ya riga ya mutu ya zama tabo ba ya dawowa. Babu man shafawa da zai tsiro da gashi a wurin. Saboda haka wanda ƙurajen ƙeyarsa ke matakin ƙwayar gero yana da damar da wanda nasa suka zama tudu ya rasa. Cutar ta fi kama maza daga balaga zuwa tsakiyar shekaru, kuma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta hanyar gaisuwa ko zama tare.

Hula tana da hannu a ciki?

Hular kanta ba ta kawo cutar. Amma hula mai matse kai wadda bakinta ya sauka daidai kan ƙurajen, da wuyan kaftani da ya sha sitaci, da hular kwano ta masu babur, duk suna goga wurin, zufa kuma ta taru a ƙarƙashi, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ka sassauta, ka riƙa wanke hula, wuyan riga ya zama mai laushi.

To in daina aski gaba ɗaya ke nan? Har tsawon wane lokaci?

Bari in ba da misali da wani matashi mai tuƙa Keke Napep daga Rigasa, ɗan shekara 26. Duk ranar Alhamis da yamma yake zuwa aski saboda Juma'a: tal-kwabo da kilifa ba roba, sannan a bi ƙeya da wuya da reza. Da ya zo wurina, ƙarƙashin haɓarsa cike yake da ƙuraje da baƙaƙen tabo, a ƙeya kuma akwai ƙananan masu tauri goma sha wani abu, ba su haɗe ba tukuna. Yana shafa wani man bilicin da aka ba shi a kemis, fatar wuyan har ta yi haske daban da fuskarsa.

Abin da muka tsara da shi ke nan. Mako huɗu babu reza, babu aska, babu kilifa a wuya da ƙeya. Man bilicin ya ajiye. Safe da dare yana jiƙa ƙaramin tawul da ruwan ɗumi ya ɗora a wurin minti biyar, sannan ya ɗauki buroshin haƙori mai laushi, wanda ya ware don wannan aiki kawai, ya zagaya a kan gashin wuya a hankali don ya tayar da waɗanda suka fara lanƙwasawa. A ƙeya ban da buroshi, wanki da sabulu marar ƙarfi kawai. Da dare yana shafa benzoyil feroksayid mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ɗan kaɗan, a mako na farko dare ɗaya a tsallake ɗaya.

Ya dawo bayan kwana takwas ransa a ɓace, wai abin ƙaruwa ya yi. Na riga na gaya masa haka za ta faru, ya manta. Gashin da aka yanke a askin ƙarshe suna nan da tsininsu, suna ci gaba da shiga fata. Gashi yana ƙaruwa da kusan santimita ɗaya a wata, to sai ya yi tsawon da zai ja kansa ya fito kamar an saki waya mai lanƙwasa. A mako na uku ƙaiƙayin wuya ya tsaya. A mako na huɗu yawancin ƙurajen gemu sun kwanta, saura tabo. Na ƙeya sun rage ja da ƙaiƙayi amma taurinsu na nan, don haka na tura shi wurin likitan fata, aka rubuta masa man shafawa mai ƙarfi na ɗan lokaci. Yanzu yana aski duk mako biyu da roba lamba ɗaya, ƙeyar kuma ba a yi mata layi.

Mako huɗu ya isa ga yawancin mutane. Wanda nasa suka yi yawa yana iya buƙatar wata biyu zuwa uku.

Bayan sun warke, yaya zan riƙa aski don kada su dawo?

Dokar guda ce: a bar wa gashi tsawon da bai gaza milimita ɗaya ba. Gashin da ya ɗan ɗago sama da fata haka ba ya samun damar huda ramin daga ciki. Robar da ake ɗaura wa bakin kilifa, lamba ɗaya tana barin kusan milimita 3, rabin lamba kuma kusan milimita ɗaya da rabi. Ko wacce ka zaɓa ta wadatar. Abin gudu shi ne kilifar da aka matse haƙoranta don ta yi aski kamar reza. Masu aski suna son ta don tana fitar da layi, amma ita ce ke cizon ƙeya har ka ga ɗigon jini.

Idan dole sai reza, to ka yi bayan wanka, ko ka jiƙa gashin da ruwan ɗumi na 'yan mintuna, domin jiƙaƙƙen gashi yana yankuwa ba tare da tsini sosai ba. Ka sa kumfa mai yawa. Ka shafa hannu ka gane inda gashin ya kwanta, ka bi da reza ta wannan fuskar, kada ka tare shi. Wuri ɗaya sau ɗaya, ko biyu in ya zama dole. Kada ka ja fata, kada ka danna. Reza mai baki ɗaya ta fi mai baki uku ko biyar a wurinmu, domin masu baki da yawa an ƙera su ne bakin farko ya jawo gashi na bayansa ya yanke, wato daidai abin da muke gudu. Dakusasshiyar reza kuma fizgar gashi take yi, ka jefar da ita.

Idan ka shafa wuya ka ji ɗan kaushi bayan aski, daidai ke nan. Sumul ɗin da ake nema shi ne ke jawo ƙurajen.

Aikina na kaki ne, ana duba mu kullum, ba a yarda da gemu ba.

A gari irin Kaduna mai barikoki da makarantun horar da sojoji, wannan tambaya ba ta ƙarewa. Na farko, ka je asibitin wurin aikinku likita ya duba, ya rubuta abin da ya gani, domin da takarda ake neman sassauci, ba da baki ba. Na biyu, ƙaramar kilifa ta gyaran gemu da ke barin ɗan gashi kaɗan, idan ana bi da ita kullum, daga nesa fuska tana fitowa fes.

Akwai kuma hoda da man cire gashi, masu narkar da shi maimakon yankewa, sai bakin gashin ya zama marar tsini. Suna taimakon wasu, amma suna ƙona fata idan aka wuce lokacin da aka rubuta a jikin kwalin. Ka gwada a ɗan wuri kaɗan ka jira kwana biyu. Kada ka shafa a kan ƙurji ko rauni, kada ka yi kullum, kuma kada ka bi da reza a rana ɗaya.

Zan iya cire gashin da ya nutse da allura?

Idan kana ganin bakan gashin a fili, e. Ka wanke hannu, ka goge wurin da sifirit, ka sa sabuwar allurar sirinji a ƙarƙashin bakan ka ɗaga a hankali har kan da ya nutse ya fito. Shi ke nan, ka bar shi a tsaye. Kada ka tuge shi. Idan ka tuge, sabon gashin da zai tsiro daga can ƙasa zai tarar da rami mai kumburi, ya huda gefe, ka koma gidan jiya. Wanda ba ka gani kuwa kada ka tona nama nemansa, tabo za ka saya. A ƙeya ma kada ka bari kowa ya tono maka gashi da allura.

Wannan magana ta shafi mata masu ɗan gashi a haɓa, waɗanda ke tuge shi da hantsaki a ɓoye. Baƙaƙen ɗigon da ke haɓar daga tugewar ne. Yanke shi da ƙaramin almakashi ya fi. Idan gashin yana ƙaruwa, ga kuma rikicewar al'ada, to a ga likita, domin ana iya samun dalili a cikin jiki.

An ce man birki ko fetur yana ƙone su. Gaskiya ne?

Yana ƙone su, tare da fatar. Na ga ƙeyar da aka shafa wa man birki, na ga wadda aka ɗiga wa ruwan batir. Ƙurji ya bushe ya ɓare, mutum ya yi murna mako biyu, sannan ƙunar ta warke da tabon da ya fi na farko girma, domin fatar da ke yin irin wannan ƙurajen fata ce mai saurin gina tabo. Haka kananzir, haka ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ba a sirka ba, haka tsaga da aska don a fitar da "mugun jini". Wanzami yana da gwanintarsa a aikinsa, amma tudun ƙeya ba wurin tsaga ba ne.

Man bilicin da mayukan nan masu haɗin magani uku da ake sayarwa barkatai su ma suna ruɗin mutane. Akwai sinadari mai ƙarfi a ciki, irin su kilobetasol, da ke kwantar da kumburi cikin kwana biyu. Wata da watanni ana shafawa sai fata ta yi siriri, ta yi dabbare-dabbare, wasu sababbin ƙuraje su fito. Likita yana iya rubuta irin wannan maganin don ƙeya, amma da ƙa'ida: a kan ƙurjin kaɗai, na 'yan makonni, da hutu a tsakani.

Wane magani ne ke aiki da gaske?

Duk maganin da zan ambata taimako ne, idan ba a sauya salon aski ba asarar kuɗi ce. Benzoyil feroksayid yana rage ƙwayoyin cuta da kumburi. Yana busar da fata, a hunturu sai an haɗa da man shafawa marar ƙamshi, kuma yana cin launin tufafi, kada ka shafa ka sa shaddarka mai tsada ko ka kwanta a kan zanin gadon uwargida mai launi. Haidirokotison mai kashi 1 cikin 100 yana kwantar da ƙaiƙayi bayan aski, na kwana biyu ko uku kawai. Likita yana iya ƙara man tiretinoyin da dare don ya rage kaurin fatar da ke rufe bakin rami, ko ƙwayoyin doksisaikilin na wasu makonni idan akwai mugunya. Waɗannan biyun mai juna biyu ba ta amfani da su.

Ƙurjin ƙeya da ya riga ya yi tauri, allurar magani likita ke yi masa a cikinsa, kusan wata-wata, har ya kwanta. Tana da zafi, ba kuma aikin mai kemis ba ne, don idan ta yi yawa wurin yakan lotsa ya yi fari. Babban tudu sai tiyata, a yanke shi har ƙasan saiwar gashi. Akwai kuma kashe saiwar gashi da hasken leza, wanda ke maganin abin daga tushe, sai dai yana da tsada, ana maimaita shi sau da yawa, kuma dole na'urar ta zama irin wadda ta dace da baƙar fata, in ba haka ba ta ƙona.

Yaushe ne ya kamata in bar dabarun gida in tafi asibiti?

Idan ƙurajen ƙeya sun yi tauri ko sun fara haɗewa. Idan gashi ya fara ɓacewa a wurin. Idan akwai mugunya, wari, zafi mai bugawa, ko kaluluwa a wuya da zazzaɓi. Idan ka yi mako shida ba aski kuma babu sauƙi, domin wataƙila ba ƙurajen aski ba ne: makero da danginsa suna kama gemu da kai, su yi faci mai ɓarewa, gashi ya riƙa karyewa, kuma maganinsu daban ne, na sha. Ka nemi a tura ka wurin likitan fata. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Barau Dikko a cikin gari ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, nan ne ake fara tambaya.

Ka ce za ka dawo kan dattin kilifa.

Kilifar da ta bi ta kan ƙurajen wani ta fasa su tana ɗauke da jini da mugunya. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga ƙurjin da da kumburi ne kawai ya koma maruru, ta nan makero ke yawo tsakanin yara, kuma jini a bakin kayan aski hanya ce da ciwon hanta nau'in B ke iya bi. Wutar laita da ake wulƙawa a bakin kilifa na daƙiƙa biyu ba ta wadatar ba, fetur kuma ba maganin ƙwayoyin cuta ba ne. A fara kakkaɓe gashi da buroshi, a jiƙa haƙoran da sifirit sosai, a bari ya bushe da kansa. Reza sabuwa, a buɗe ta a gabanka.

Wanda ke da ƙurajen ƙeya, shawarata ya sayi kilifarsa da robobinta ya riƙa zuwa da ita, don kare kansa da kuma wanda zai hau kujera bayansa. A daren sallah, lokacin da layi ya kai bakin titi kuma janareta na kuka, babu mai askin da ke da sukunin jiran sifirit ya bushe. Ka yi naka askin kwana uku kafin nan, da rana, ka zauna ka ce masa, "Maigida, lamba ɗaya, ƙeya kuma a bar ta yadda take."